Saƙon Jos zuwa Bauchi bai kamata ya kwana a Abuja ba

Wata mai sayar da atamfa a kasuwar Taminus da ke Jos ta nuna mini rasit ɗin ƙunshin da ta aika Bauchi ta hannun wani kamfanin kai saƙo. Tafiyar ba ta wuce kilomita 130 ba, amma sai da kayan suka kwana biyu, domin an gangara da su ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi zuwa Abuja, aka tantance su, sannan aka sake hawowa da su ta cikin Jos ɗin.

Ba ganganci ne ya sa kamfanoni ke tara kaya a matattara ɗaya ba. Idan kamfani yana aiki a garuruwa 10, kuma yana son kowane gari ya aika wa ɗan'uwansa kai-tsaye, sai ya riƙe layuka 45, alhali idan Abuja ce cibiya layuka 9 sun wadatar. A kan wannan lissafi FedEx, kamfanin kai saƙo na Amurka, ya fara aiki a 1973, yana tara kaya a birnin Memphis da daddare, a rarraba su kafin gari ya waye.

Mu ƙaddara ofishin Jos yana karɓar ƙunshi 180 a yini, motarsa kuma tana ɗaukar 200. Idan an raba su gida tara, kowace mota za ta tashi da ƙunshi 20 kacal, ta sha mai, a biya direba, kusan babu lodi. Mota ɗaya zuwa Abuja kuwa za ta tashi kusan a cike. Saƙon Lokoja ko Minna, lallai hanyarsa ke nan.

Inda nake ganin kuskure shi ne mayar da cibiya doka ga kowane ƙunshi. A ce 90 daga cikin 180 ɗin nan na Bauchi da Gombe ne, waɗanda hanya ɗaya ce ke kai wa gare su. Kowannensu zai yi kusan kilomita 560 na zuwa da dawowa a banza, a sauke shi a sake loda shi, kuma a wurin saukewa da lodawa ne kwali ke yagewa ko lamba ta ɓace. Ga kuma lokacin rufe tantancewa: idan tirela ta faɗi a Hawan Kibo motar ta makara da awa ɗaya, kayan sun yi asarar yini guda cur, kuma wannan ne ya fi damun ɗan kasuwar da mai saye ke ta kira.

Saboda haka kamfani ya ƙirga ƙunshin da ke tsakanin kowane gari biyu na tsawon wata uku, har da na dawowa, tunda motar da ta komo wayam ta cinye ribar tafiyar. Layin da ke cika ƙaramar mota kullum a ba shi tasa, Jos ta zama ƙaramar matattara ga Bauchi da Gombe, sauran kuma su ci gaba da bi ta Abuja.