Maganin ba jabu ba ne, ke ce ba ki ƙirga kwana ba

To, na ga saƙonninku. Masu cewa in yi haƙuri na gode, masu cewa ai uwa ce, ta fi kowa son 'yarta, su ma na gode. Amma maganar da na yi jiya tana nan, ban janye ko harafi ɗaya ba. Abin da na ce shi ne, matar da ta zuba wa 'yarta 'yar shekara shida maganin kashe ƙwari a kai, ta ɗaure da leda, wai don maganin ƙwarƙwatar da ta saya bai yi aiki ba, ba ta da hujja. Da idona na ga ƙeyar yarinyar ta yi jajur ta saɓule. Kuma har yanzu baiwar Allahn nan tana bin mutane tana cewa an sayar mata da jabu. Madalla da wannan bincike, a ba ta lambar yabo.

Na tambaye ta abu ɗaya tak: sau nawa kika shafa? Ta ce sau ɗaya. Na ce sauran yaran fa, kin duba kansu? Ta ce ai su ba sa susa. Shi ke nan, shari'a ta ƙare tun ba a zauna ba.

Ƙwarƙwata lissafi gare ta, kuma ba ta kuskure a lissafinta, mu ne muke yi. Babbarta ba ta wuce ƙwayar riɗi girma ba, tana rayuwa kamar wata guda a kan mutum, kullum tana zuba ƙwai da yawansu kan kai shida ko fiye. Kowane ƙwai tana liƙa shi a jikin silin gashi, dab da fata, inda ɗumin kai zai renar mata shi. Cikin kwana 7 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito yana buƙatar kamar wasu kwana goman kafin ya girma shi ma ya fara nasa ƙwan. Yawancin magungunan da ake shafawa suna kashe mai rai, mai yawo, amma ba sa gamawa da ƙwai duka, domin ƙwan yana cikin ɓawonsa a rufe. Kin shafa ranar Asabar, manya sun mutu, kin ga gawa a mataji, kin yi hamdala. Ƙwan da aka zuba da safiyar wannan Asabar ɗin yana nan lafiya lau, yana jiran ranarsa. Bayan mako guda ya fashe. Bayan mako biyu zuwa uku yarinya ta koma susa, ke kuma kin koma zagin mai kemis.

Shi ya sa ake shafawa sau biyu. Na biyun shi ne yake tarar 'ya'yan da suka fito bayan na farko, ya kashe su tun ba su isa yin ƙwai ba. Idan kika yi gaggawa kika maimaita bayan kwana biyu, ƙwan bai fashe ba tukuna, kin yi asarar magani. Idan kika yi sakaci har mako uku, sun girma sun zuba sabo. Tsakanin kwana 7 zuwa 10 ne ƙofar take a buɗe, gwargwadon abin da takardar maganin ta faɗa. Ranar da kika shafa na farko, ranar za ki rubuta kwanan na biyu a bango, ko a waya, ko a tafin hannunki in ta kama.

Wata ta rubuto min wai ita a gidanta ba a taɓa yin wannan ƙazantar ba, tsafta ce magani. Allah ya ƙara tsafta, Hajiya. Ƙwarƙwata jini take sha, ba datti ba, kuma kan da ake wanke wa kullum da wanda ake wanke wa sau ɗaya a wata duk ɗaya ne a wurinta. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle. Rarrafe take yi daga gashi zuwa gashi lokacin da kai ya haɗu da kai, wajen wasa, wajen kwanciya, wajen leƙa waya ɗaya su uku. Sabulu ba ya cire ƙwanta. Wannan kunyar da kuke ɗora wa iyaye ita ce take sa uwa ta ɓoye, ta ƙi gaya wa kowa, ta je ta yi wa 'yarta aika-aika a ɗaki. Mu wuce.

Bari in faɗi yadda na yi a gidana, tunda ni ma ta ziyarce ni, ban fi ƙarfinta ba. Ƙaramar 'yata ce ta fara susa a bayan kunne da ƙeya. Na buɗe gashin a wuri mai haske na ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo a jikin gashi. Da farko na ɗauka amosani ne. Bambancin mai sauƙi ne: amosani in kin hura ko kin kaɗa da yatsa zai faɗi, shi kuwa ƙwan ƙwarƙwata yana manne kamar an sa masa gam, sai kin kama da farce kin ja shi har ƙarshen silin. Wanda yake kusa da fata, bai wuce rabin santimita ba, mai ɗan duhu, shi ne ake zaton yana da rai. Farin da ya yi nisa da fata yawanci ɓawo ne da babu komai a ciki, gashi ne ya tsiro ya tafi da shi, domin gashi yana ƙaruwa kamar santimita ɗaya a wata. Saboda haka ganin farin ɓawo kaɗai ba dalilin shafa magani ba ne. Sai kin ga mai rai tana tafiya.

A daren na zaunar da kowa, har ni da babansu. Na wanke kai, na shafa man laushin gashi da yawa ban ɗauraye ba, na warware gashin da babban mataji, sannan na ɗauko matajin ƙwarƙwata, mai haƙora a matse sosai. Matajin yau da kullum ba zai kama ta ba, tsakanin haƙoransa za ta bi ta wuce tana yi miki dariya. Ana raba gashin kashi-kashi, a sa haƙoran su taɓa fata, a ja har ƙarshe, kowane ja a goge a farin ƙyalle a duba. Man laushin yana sa ta kasa gudu. Ƙaramar na samu da yawa. Babbar, wadda ko sau ɗaya ba ta sosa kai ba, na ciro guda huɗu. Namijin da babansu babu. Ni ma babu, alhamdu lillahi.

Ku riƙe maganar babbar nan. Ƙaiƙayin ba cizon ne kawai yake kawo shi ba, jiki ne yake nuna ƙin yawun ƙwarƙwatar, kuma wanda bai taɓa yi ba yana iya kai mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin komai. Yaron da ba ya susa yana iya zama shi ne rumbun gidan. Ki yi wa ɗaya magani ki bar shi, su kwana a gado ɗaya, gobe an raba gadon ƙwarƙwata. Duk wanda aka samu mai rai a kansa, rana ɗaya ake yi musu, ba wannan yau wancan jibi ba. Wanda ba a samu ba a bar shi, a ci gaba da dubawa.

Maganin da na yi amfani da shi mai fametirin ne, kashi 1 cikin ɗari. Ana wanke kai da sabulun gashi zalla, ban da man laushi, domin man yana rufe gashi ya hana maganin kamawa. Wannan ya sa ban shafa a daren da na yi bincike ba, sai da safe bayan na sake wanke musu kai tas. A tsane gashin da tawul, a shafa har ya jiƙe daga fata zuwa ƙarshe, musamman ƙeya da bayan kunne, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Mai dogon gashi ko mai cika kwalba ɗaya ba lallai ta ishe ta ba, kuma raba kwalba ɗaya wa yara uku don tattali shi ne hanya ta biyu da ake mayar da magani mai kyau ya zama na banza. Akwai wani mai suna dimetikon, shi ba guba ba ne, lulluɓe ƙwarƙwatar yake yi har ta mutu. Irinsa na kashi 4 ana barinsa awa 8 ko a kwana da shi, a maimaita bayan kwana 7, kuma a nisanta kan daga wuta muddin yana jiki. Jariri, mai ciki, mai shayarwa, da wanda kansa ya yi ƙuraje ko yana fitar da ruwa saboda susa, a fara tambayar likita.

Na shafa Asabar. Laraba na taje, na ciro 'yan ƙanana guda uku, sabbin fitowa. Da ni ce waccan matar, a nan zan fara ihun jabu. Alhali wannan shi ne daidai abin da ake tsammani, ƙwan ne yake fashewa. Lahadi, kwana na 9, na shafa na biyu. Alhamis na taje, babu. Litinin, kwana na 17, na sake dubawa, babu. Wanda ma ba ya son magani sam, taza da man laushi kaɗai tana iya yi, a ranakun 1, 5, 9 da 13, in dai zai zauna ya yi ta da haƙuri.

Na san wani zai ce ai akwai ƙwarƙwatar da ta daina jin magani. Akwai, ban musa ba, fametirin ya rage ƙarfi a wurare da yawa. Alamarta ita ce bayan awa 8 zuwa 12 da shafawa daidai, ki tarar da manya suna gudu garau kamar ba a yi komai ba. A nan sai a canja zuwa wani nau'in, ba a ƙara yawan wancan ba, ba kuma a ɗauko kananzir ko maganin sauro ba. Waɗannan suna ƙona fata, suna shiga ido, kananzir kuma tartsatsi ɗaya yake jira. Amma ki fara yin naki daidai, sau biyu, kafin ki ɗora laifi a kan kwalba.

Masu kwashe katifa su shanya, su feshe ɗaki, su wanke labule, ku huta. In ta bar kan mutum ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu take mutuwa, don ba ta samun jini. Rigar matashi, zanen gado, tawul, da abin rufe kai da aka yi amfani da su cikin kwana biyun nan, a wanke da ruwa mai zafi. Mataji a jiƙa shi a ruwan zafi minti 10. Kowa ya riƙe nasa. A ɗaure wa mai dogon gashi gashinta. Sannan a gaya wa iyayen abokan wasanta, ko da kuwa da ɗaci a baki. Na kira uwa biyu, ɗaya ta yi godiya, ɗayar har yau gaisuwarmu da ƙyar. Kyanwar gida kuwa a ƙyale ta, ba ta ɗauka, ba ta rabawa.

Wallahi abin da ya tsaya min a rai ba ƙwarƙwatar ba ce. Yarinyar waccan matar ce, da na sunkuya ina duba ƙeyarta ta ce min a hankali, Anti, ni ce na jawo ko? Na ce a'a, 'yata, ba ke ba ce. Ban san wa ya sa mata wannan a zuciya ba.

Af, tunda ana maganar mataji: wadda ta ari nawa na ƙarfen, mai jan hannu, ta ce gobe za ta dawo da shi, goben nan ta shiga wata na huɗu. Na san kina karantawa, don kin danna alamar so a rubutun jiya. Ki riƙe shi ma, na yafe, amma ki tafasa ruwa ki jiƙa shi kafin ki ara wa ta gaba.