Me ya sa manhajar hira ta AI ba ta san tambayar abokin ajinka ba?

"Musa ya tambaye ta aikin lissafinmu jiya. Na ce ta faɗa min abin da ya tambaya, ta ce ba ta sani ba. Ɓoye min take yi?"

Babu abin da take ɓoye maka. Duk lokacin da ka aika saƙo, abin da ke isa gare ta shi ne rubutun hirar da kake ciki, daga farko zuwa saƙon ƙarshe. Shi take karantawa ta haɗa amsa. Hirar Musa tana ajiye a asusunsa, ba a tura ta tare da taka. Wasu manhajojin suna tuna abin da ka faɗa a baya, amma na asusunka kaɗai.

Ko da kamfani ya ɗauki hirarraki don horar da sabon samfuri, wato sabuwar ƙwaƙwalwar manhajar, wannan aikin watanni ne, ba na dare ɗaya ba.

Haɗarin yana wajen matsa mata. In ka nace, tana iya ƙirƙiro tambaya mai kama da gaskiya. Gwada ka gani: buɗe sabuwar hira sau biyu, ka yi tambayar iri ɗaya. Amsoshin sukan saɓa.

In kuwa wayar yayanku kuke amfani da ita da asusu ɗaya, tsofaffin hirarraki suna nan a jere, kowa zai iya buɗewa ya karanta.