Saƙon taya murna da na tura Garwa, da amsar kalma biyu da ta dawo mini

Ranar da aka karanta sunan abokina a rediyo cikin jerin naɗe-naɗe, ina cikin taragon da ke kai ni gida Venisiye, a gefen birnin Liyon na ƙasar Faransa. Ƙanwata ce ta kira daga Garwa ta Kamaru tana cewa an ɗaga shi daga shugaban biro, wato ƙaramin ofis, zuwa shugaban sashe. Tare muka yi makarantar allo a Yalwa, tare muka yi wanka a Binuwai ana dukanmu a kai. Na yi murna, Allah ne shaida. Nan take na rubuta masa: "A ƙarshe dai an tuna da kai! Ka haye, mutumina. Mu muna nan muna ɗaukar kwali cikin sanyi, kar a manta da mu."

Sai washegari amsa ta zo: "Na gode." Mutumin da ya saba aiko mini murya ta minti biyar a kan farashin buhun masara, shi ne ya sallame ni da kalma biyu. Abin ya yi mini ciwo, kuma na yi kwana uku ina ganin muƙami ne ya fara hawa masa kai.

A cikin makon aka yi wa wata abokiyar aikina irin wannan ƙarin girma a sito ɗin magunguna inda nake aiki. Ga yadda suke yi a nan. Mako guda kafin ranar, kati ke zagayawa a ɓoye cikin ambulan, kowa ya rubuta layi biyu ya sa Yuro biyar. Ranar Juma'a da yamma a taru a ɗakin shan gahawa, a tsaye, kowa da kofin takarda a hannu. Akwai giya, akwai ruwan tuffa saboda irinmu, da soyayyen dankali da 'yan gutsattsarin cuku. Shugaba ya yi magana ta minti biyu, a tafa, kafin minti arba'in kowa ya ɗauki rigar sanyinsa ya nufi jirgi. Ba addu'a, kuma ba wanda ya san ko matar tana da uwa a raye balle a je a yi mata barka.

Amma da katin ya iso hannuna na karanta abin da wani ya rubuta, shi da na san sarai ya nemi kujerar nan bai samu ba. Ma'anarsa ita ce: "Barka. Yadda kika gyara lissafin kaya a watan da injin ya lalace ya nuna kin cancanta." Babu kansa a ciki ko kaɗan. A nan na ciro waya na sake duba nawa saƙon, na ga abin da abokina ya gani.

"A ƙarshe dai" tana cewa ya daɗe a baya, wato ina ƙirga masa shekarun da ya yi a kujera ɗaya. "An tuna da kai" ta cire aikinsa daga zancen, ta mai da abin alfarmar wani babba a Yawunde. A ƙasar da duk wanda aka naɗa sai an yi raɗa an tambayi wa ya tsaya masa, wannan kalma ba ƙarama ba ce. "Ka haye" kuwa kalmar kuɗi ce, kamar ofis ɗin gona ce aka ba shi ya girbe. Sai na rufe da kaina, da kwalina da sanyina, na kuma ɗora masa bashi tun bai zauna a kujerar ba. Jimla uku, ba addu'a ko ɗaya, ba "barka" ko ɗaya.

Ban ce hassada na yi ba. Amma shekara 11 ina nan, da takardar digiri a akwati, kuma wani abu ya motsa a ƙirjina da na ji labarin. Shi ne ya ɗiga cikin rubutun ba tare da na sani ba. Alamarsa mai sauƙin gani ce: ka ƙirga "ni" da "mu" a saƙon. Idan sun kusa yawan "kai", to ba shi kake taya murna ba, kanka kake jajanta wa. Gwaji na biyu, ka ɗauka za a karanta saƙon da ƙarfi a gaban mahaifiyarsa. Duk kalmar da za ka so a tsallake, cire ta.

Duk da haka ba zan ce Turawa sun fi mu iya taya murna ba. Katinsu tsaf yake, amma sanyi gare shi. Abin da muke da shi ya fi ƙarfin kati, domin mu mun yarda cewa zuciya tana iya motsawa, kuma an ba mu maganinta. Wanda ya ga abin da ya burge shi a wurin ɗan uwansa, an koya masa ya ce Masha Allah, ya roƙa masa albarka. Ayar ƙarshe ta Falaƙi da muke karantawa safe da yamma neman tsari ce daga mai hassada idan ya yi hassada, kuma ban taɓa tunanin tana iya zama tsari ga abokina daga ni ba sai wannan karon. Idan ka ce "Allah ya taya ka riƙo", ka amsa cewa nauyi aka ɗora masa, ba ganima ba. Baturen sai ya danne zuciyarsa ya rubuta layi mai tsabta, mu kuwa addu'ar ce ke wanke mai yin ta.

Ga wanda na sake turawa, bayan na goge shi sau huɗu:

"Salamu alaikum ɗan uwa. Barka da wannan ƙarin girma, Masha Allah. Na tuna shekarun da kake kai wa magariba a biro kana haɗa takardun mutane ba ka karɓi ko sisi ba, wannan kujera ta samu mai ita. Allah ya taya ka riƙo, ya haɗa ka da abokan aiki nagari, ya kare ka daga sharrin masu sharri. Ka yi wa Inna barka, addu'arta ce. Saƙona na farko bai yi kyau ba, ka yafe mini."

Layin da ya ambaci aikinsa, daga katin nan na ɗauko dabararsa, na yarda. Dole ya zama abu guda takamaimai da ka gani da idonka, don "ka cancanta" kawai kowa na iya faɗi. Sauran duk namu ne. Ban sa wasa ba, ko da yake tsakaninmu akwai wasa. Ban tambayi albashi ko mota ba, ban kuma ambaci ɗan ƙanwata da ke neman aiki ba, wannan sai bayan watanni, kuma baki da baki.

Abin da ya fi damuna shi ne, da ina Garwa, ko waccan maganar ta farko na faɗa ba za ta zama komai ba. Da bayan isha'i zan tako har ƙofar gidansu, in riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ga haƙorana a waje, in shiga in durƙusa in gaida Inna. "Ka haye" a bakin wanda ya zo da ƙafarsa dariya ce. Waya ce ke tuɓe wa magana fuska da murya, ta bar ta tsirara, mai karɓa ya yi ta juya ta shi kaɗai. Mu da ke waje kuma ba mu da komai sai wayar. Da ita nake zuwa suna, da ita na yi ta'aziyyar kawuna.

Amsarsa ta zo da murya, minti shida. Ya ce ya yafe, ya ce saƙon farkon ya tsaya masa a rai ne don daga wurina ya fito. A bayansa ina jin ƙarar kwanuka da muryar Inna tana tambaya ko ni ne. An yi walimar ranar Asabar bayan la'asar, ni kuma a lokacin ina bakin aiki.