Ciki biyu da falo: ku rubuta kuɗin a ƙasan hoton, don Allah

Ƙanina ne zai yi aure, aka ɗora mini neman gidan da za su zauna. Sati uku na yi ina bin hotunan gidajen haya a Fesbuk da Watsaf, har na haddace salon dillalan garin nan. Hoto ne na falo da tayil yana ƙyalli, fanka sabuwa, an kunna duk fitilun silin da rana tsaka. A ƙasa kuma a rubuta: "Fulat mai zafi, ciki biyu da falo, Rijiyar Zaki. Sai mai rabo. Farashi a biyo ni ta inbos." Shi ke nan. Mutum arba'in su tambaya nawa ne, a ba su amsa iri ɗaya, a biyo ta inbos.

Na bi ɗaya daga ciki. Ya ce dubu ɗari takwas a shekara. Na ce to, ya yi daidai da aljihun yaro. Muka yi da shi ƙarfe huɗu bayan La'asar a bakin titi. Na ɗauki adaidaita sahu daga Hotoro, wanda ya san Kano ya san wannan ba ƙaramar tafiya ba ce, gabas ce da yamma. Na isa, ya ce in ba shi dubu uku kuɗin gani, abin da bai ambata ba a waya. Na bayar. Sai ya kira wani, wanin ya kira wani, ashe shi bai taɓa shiga gidan ba ma, hoton ya tsinta a waya. Mutum na uku ne ke da alaƙa da mai gida, shi kuma ya tafi ɗaurin aure da makullin a aljihu. Muka tsaya a jikin katanga har aka kira Magariba. Washegari da aka buɗe, sai lissafi ya canza: ga la'ada, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya, kuma mai gida shekara biyu yake so a dunƙule. Dubu ɗari takwas ta koma abin da ya kusa miliyan biyu.

Duk wannan wahalar, layi shida a ƙasan hoto sun isa su raba ni da ita.

Na san hujjar dillalai, kuma ba zan ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Suna tsoron a zagaye su. Ka sa cikakken kwatance, mai nema ya je ya buga ƙofa, ya sami mai gida, su daidaita, kai da ka sha rana ka tashi a tutar babu. Ko wani dillalin ya kwashe hotonka ya ƙara dubu ɗari a kai ya yaɗa. Wannan tsoron ya halatta a ɓoye lambar gida da sunan layi. Amma ina ruwansa da farashi? Farashi ba ya kai kowa ƙofar gida. Abin da na lura shi ne, ana ɓoye kuɗi ne don a auna mai tambaya tukuna, a duba hotonsa, a ji muryarsa, in ya zo da mota a ga irinta, sannan a yanka masa daidai wuyansa. Wannan kuwa ba tsaron la'ada ba ne.

Bayan an gama hidimar bikin, sai ga shi abin ya zo kaina. Kawuna yana da fulat biyu a jere a Na'ibawa, na ɗaya mai haya zai tashi. Ya kira ni ya ce, "Kai da kake ta faman latsa waya, ɗauki hoton gidan nan ka sa mini." Na ce, "Kawu, zan sa, amma da sharaɗi, komai za a rubuta, har abin da ba shi da daɗin ji." Ya ce ai gaskiya ba ta korar mai rabo. Ga abin da na rubuta, ban canza komai ba sai lambar waya da na cire:

"Gidan haya a Na'ibawa, Kano, tafiyar minti biyar a ƙafa daga babban titi. Ciki biyu da falo, ɗaki ɗaya da banɗaki a ciki, akwai wani banɗakin a tsakar gida, da kicin da ƙaramin sito. Get ɗaya ake shiga da fulat ɗin kusa, amma kowa da tsakar gidansa. Mita mai kati, ta gidan ce ita kaɗai. Ruwa: burtsatse, ana haɗa kuɗin tayar da shi da maƙwabci. Haya ₦900,000 a shekara, shekara ɗaya ake karɓa. La'ada ₦90,000, takardar yarjejeniya ₦45,000, kuɗin ajiya ₦50,000 (ana mayarwa ranar tashi in ba a ɓata komai ba). Jimilla ₦1,085,000. Mai haya yana ciki har ƙarshen wata, don haka gani sai Asabar da Lahadi, 10 zuwa 12 na rana, a kira kwana ɗaya kafin a zo. Ba kuɗin gani. Kada a tura wa kowa kuɗi kafin a ga gida da mai shi."

Kalmar da ta fi kowace aiki a nan ita ce "jimilla". Mai neman haya ba kuɗin haya yake tarawa ba, kuɗin karɓar makulli yake tarawa, kuma su biyun ba ɗaya ba ne. Tsakanin 900,000 da 1,085,000 akwai naira 185,000, fiye da kashi 20 cikin ɗari na hayar. Ga saurayin da ya riga ya kashe kuɗi a lefe da sadaki, wannan ratar ita ce bambancin tarewa a kan lokaci da ɗaga biki. In ya gani tun a hoto, ya san ko ya kira ko ya wuce. In ba a rubuta ba, sai ya zo da yayarsa da gwaggon amarya, sun gani sun yaba, an fara auna tagogi don labule, sannan a fito masa da sauran lissafin a gabansu. Kunyar da ake ba mutum a nan ba ta da dalili.

Kuma a rarrabe kuɗaɗen, kada a dunƙule su a ce "da sauran caji". La'ada ta dillali ce, ta tafi ke nan. Kuɗin takarda na wanda ya rubuta yarjejeniya ne, shi ma ba ya dawowa. Kuɗin ajiya kuwa amana ne a hannun mai gida, na mai haya ne har sai an ga ɓarna. In ba a faɗi haka a rubuce tun farko ba, ranar tashi sai ka ji an ce ai fenti ya dushe, kuɗin sun tafi a nan. Shi ya sa na sa "ana mayarwa" a cikin tallan kansa, don ya zama shaida a kan Kawu ma. Ya karanta wurin sau biyu, ya kalle ni, ya yi dariya.

Maganar wuta ma farashi ce, ko da ba a lissafa ta a jimilla. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, yunit ɗaya ya haura naira 200, alhali sauran rukunai suna biyan abin da bai kai rabin haka ba. Gida biyu masu haya iri ɗaya, ɗaya a layin A ɗaya a layin C, ba kuɗi ɗaya ake kashewa a cikinsu ba. Wanda ya san layin gidansa ya rubuta. Abin da ya fi wannan ma shi ne ko mitar ta gidan ce ita kaɗai. Mitar haɗaka ta raba maƙwabta da yawa, wannan yana da firiza da hita, wancan fanka ce kawai da talabijin, a ce a raba kati biyu daidai. In kuma gidan bil ake kawowa, a faɗi ko akwai tsohon bashi a kai, domin ranar da aka zo yanke wuta ba a tambayar wa ya ci bashin, wanda ke ciki shi ke kwana a duhu.

Sai zancen gani, wanda a nan ne masu kwaikwayon tallan Legas da Abuja suke mantawa da inda suke. A garin nan gida mai mutane a ciki ba a faɗa masa haka kawai. Maigidan ya fita kasuwa, matarsa na ciki da yara, sai dillali ya kwaso maza uku da rana tsaka ya tsaya yana doka sallama, wai za a duba uwar ɗaka. Ko a hana su, mai nema ya yi asarar kuɗin mota, ko a bar su a shiga ana jin haushi. Shi ya sa na je na sami mai hayan Kawu tukuna, na ce, "Malam, wace rana ce ba za mu takura wa iyali ba?" Shi ya zaɓi Asabar da Lahadi da hantsi, lokacin yana gida. Kiran kwana ɗaya kafin zuwa kuma don a kintsa ne. Na kuma fi son hantsi don kaina, saboda da hasken rana ake ganin tabon yoyo a silin da gishirin da ke cin gindin bango, abubuwan da fitila ke rufewa da daddare.

Kuɗin gani ban ce haramun ba ne. Dillalin da zai bar inda yake ya hau babur ya kai ka, ya ci a ba shi na mai. Amma a rubuta nawa ne, gida nawa za a nuna da shi, kuma ko za a cire shi daga la'ada in an daidaita. Wanda ba a faɗa ba sai an haɗu a bakin titi, shi ne yake sa mutane zargin cewa wasu da kuɗin ganin suke ci, gidan ma an daɗe da bayarwa, hoton ne kawai yake ta yawo. Don haka in an bayar da gida, a koma kan hoton a rubuta "an bayar". Daƙiƙa goma ce.

Tallan Kawu bai tara jama'a ba kamar masu "fulat mai zafi". Mutum bakwai ne suka kira. Biyu suka ji get ɗin haɗaka ne suka ce a'a tun a waya, ɗaya ya nemi a raba masa biya biyu Kawu ya ƙi. Huɗu suka zo gani. Wata hajiya ta zo da tef ɗin awo a jaka, ta auna babban ɗakin ta ce gadon 'yarta da wadirob ba za su shiga tare ba, ta yi mana sallama cikin mutunci. Wannan kuskurena ne, da na sa faɗi da tsawon ɗakunan da ba ta taso daga Kurna ba. Na koma na ƙara: babban ɗaki ƙafa 12 da 12, ƙaramin 10 da 12.

Wani malamin makaranta ne ya karɓa a Lahadi ta biyu. Ya zo da hoton tallan a wayarsa, ya zauna a tabarmar Kawu yana bin layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya tura ₦1,085,000 cif, aka rubuta masa rasit a gaban shaidu biyu. Abu ɗaya kawai ya tambaya wanda ba ya cikin rubutun: ko lungun yana cin ruwa a watan Agusta. Kawu ya ce yana ci, amma iyakarsa idon sawu, kuma ba ya kwana.