Ina awakin Najib suka shiga a fim?

Tun da fim ɗin Indiya Aadujeevitham, wato rayuwar awaki, ya fito a 2024, Hausawan Riyad da Jidda da suka karanta littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, da Larabci ko da Turanci, suke ƙorafi ɗaya: an ɓata labarin. Labari ne da ya taɓa mu, domin jarumin labarin, Najib, baƙo ne ɗan jihar Kerala ta Indiya da ya zo cirani Saudiyya, aka kwashe shi daga filin jirgi aka kai shi kiwon awaki cikin sahara fiye da shekara uku. Ina ganin masu ƙorafin suna da gaskiya a wuri guda, amma ma'aunin da suke awo da shi bai dace ba.

A fara da lissafi. Masu rubutun fim suna ƙiyasta cewa shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo, don haka fim na awa biyu bai wuce shafi 120 ba, kuma shafukan nan rabinsu fili ne. Littafin, wanda marubuci Benyamin ya wallafa a 2008, in za a karanta shi a bayyane, zai ci awoyi da dama. Darakta Blessy ya ja fim ɗinsa har kusan awa uku, duk da haka dole ya yanke. Wanda ya zauna yana ƙirga abin da aka cire, ya yanke hukunci tun kafin a kunna fim.

Matsalar da ta fi tsawo girma ita ce murya. A littafin Najib ne yake ba da labari da bakinsa. Muna cikin kansa, muna jin yadda yake kai kuka ga Allah, da yadda yake lallashin kansa da ƙaddara. Kyamara kuwa fuska take gani da jiki da rairayi. Mutumin da yake zaune shi kaɗai babu abokin magana, alƙalami zai iya cika shafi goma da tunaninsa, amma a allo mutum ne kawai a zaune.

To ta yaya za a yi adalci? Duk abin da aka canza, a tambaya wane aiki yake yi a littafi, sannan a duba ko fim ya yi wannan aikin ta wata hanya.

Littafin ya buɗe ne da Najib yana neman a kama shi a kai shi gidan yari, mai karatu ya yi ta mamakin irin azabar da za ta sa mutum ya nemi kurkuku da ƙafarsa. Fim ya tura kurkukun ƙarshe, ya buɗe da mutum buzu-buzu yana shan ruwa a kwamin dabbobi. Tambayar da ke zuciyar mai kallo ita ce dai ta mai karatu: me ya kai ɗan Adam nan? Aikin ya yiwu, ba a yi asara ba. Haka kuma yadda fim ya faɗaɗa rayuwarsa ta gida, yana nutso a kogi yana haƙo yashi, ga matarsa Sainu. Wasu sun ce soyayyar finafinan Indiya ce aka cusa. Ni ban yarda ba. Wanda ya ga wannan yalwar ruwa da idonsa, shi zai ji zafin hana Najib ruwan tsarki, abin da littafi ya bayyana da kalmomi. Ramewar Prithviraj, ɗan wasan da ya fito a matsayin Najib, ma ta faɗi abin da shafuka suka faɗa game da yunwa.

Inda na tsaya tare da masu ƙorafi shi ne awaki. A littafin, Najib ya raɗa wa awakin sunayen mutanen garinsu, yana hira da su. Akwai ɗan akuyan da ya sa wa Nabil, sunan da ya tanadar wa ɗansa da ya baro a ciki, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, har ranar da ubangidan Najib ya fiɗiye ɗan akuyan. A nan zuciyar littafin take: mutum ya rasa mutane har ya koma ɗaya daga cikin garke. Fim ya rage wannan ƙwarai, ya ba da lokaci mai tsawo ga gudun da Najib ya yi cikin sahara tare da abokan wahalarsa Hakim da Ibrahim Kadiri. Dalilin a fili yake, tafiya da ƙishirwa da guguwar rairayi suna cika allo, hira da akuya kuwa tana da wuyar ɗauka. Amma wuya ba uzuri ba ce, tunda kyamara tana iya nuna mutum yana kiran akuya da suna ta waiwayo. Babu abin da aka sa a gurbin Nabil, shi ya sa bankwanan Najib da dabbobin bai yi nauyin da ya kamata ba: ba a ba mu lokacin da za mu san su ɗaya-ɗaya ba. Da an rage minti goma daga tafiyar sahara an ba wa garken, da fim ɗin ya ci sunansa na rayuwar awaki.