Firigon ƙanwata a Damagaram: lissafin Kano ba shi ne na gida ba

Shekarata tara kenan ina zaune a Kano ina ɗinki, amma har yau in za a sayi wani abu mai nauyi a gidanmu na Damagaram sai an kira ni. Satin da ya wuce ƙanwata ta bugo, ta ce Yaya na samu firigo wurin wani mai shago kusa da kasuwar Dole, kuɗi hannu jika 200, in kuma biya kaɗan-kaɗan ne zan ba da abans jika 60 sai jika 30 duk wata har wata shida, ya kake gani? Mijinta kuma tun kafin in buɗe baki ya karɓi wayar yana cewa ai Yaya kai ma haka ka sayi naka kuma ka ci riba, kaya kullum tashi suke, gara a ɗauka yanzu.

Gaskiya ne na ci riba. A farkon 2023 na ɗauki nawa a Sabon Gari, biya wata-wata, an yanke kuɗi an rubuta. Kwatsam a watan Yunin shekarar gwamnati ta saki naira, dala da ake lissafawa wajen naira 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar. Kafin in gama biya, irin firijin nan nawa (a nan haka suke ce masa) ya yi tsadar da ko ƙarin da aka yi min bai kai rabin tashin ba. Mai shagon ne ya ji jiki, ni kuwa ina biyansa da nairar da kullum ƙara sauƙi take.

Amma wannan labarin naira ne, kuma shi ne abin da nake so mutanenmu su gane. Sefa tana ɗaure da yuro, sefa 655.957 wato ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya a yuro ɗaya, haka take tun 1999. Jika 30 ɗin da ƙanwata za ta biya a wata na shida nauyinta kusan ɗaya ne da ta wata na farko, ba za ta narke a hannun mai shago ba kamar yadda naira ta narke. Wani abin ma, lokacin da naira ta faɗi, mai sefa in ya shigo Wapa ya yi canji sai ya ga kuɗinsa sun yi kumburi, shi ya sa ƴan kasuwarmu da ke ɗauko kaya daga Kano ta Daura da Matameye ba su ji zafin tashin ba yadda mutanen Kano suka ji. Abin da ke ɗaga kaya a Damagaram hanya ce. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan Kwatano suka tsaya, aka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin mota da na duwan suka hau kan kaya. Irin wannan tashin yana zuwa ne lokaci guda in wani abu ya faru, ba kullum-kullum ba, kuma ba wanda zai rantse maka cewa zai faru cikin wata biyar masu zuwa.

Toh sai na ce mata ɗauko biro mu yi lissafi. Jika 60 da jika 30 sau shida, jika 240 kenan, ƙari jika 40. Mijinta ya ce ai kashi 20 cikin 100 ne kawai. Na ce a'a malam, bashin da aka ba ku ba jika 200 ba ne, jika 140 ne tunda kun ajiye 60 da hannunku, kuma ko 140 ɗin ma ba ta zama wurinku wata shida cur, duk wata tana raguwa, dan haka jika 40 a kan wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sannan in ta riƙe jika 60 ɗinta ta ci gaba da zuba 30 a adashe, wata biyar tana da 210, ta sayi firigo lakadan har da canjin ɗan sahu da zai kai mata gida. Kafin jira ya zame mata asara sai firigon ya tashi daga 200 ya wuce 240 cikin wata biyar ɗin nan. A Kano ta 2023 wannan ba komai ba ne, a Damagaram kuwa sai dai in an sake rufe hanya.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe akwai abin da ba ta faɗa min ba. Ba dan ajiye miya take son shi ba, ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya take so ta riƙa ɗaurawa yara suna fita da su, kuma so take ya shigo gida kafin zafin Maris zuwa Mayu. Nan kam lissafi ya juya. A cewarta maƙwabciyarta in zafi ya kankama tana tashi da kamar jika ɗaya a rana bayan ta cire sukari da leda, to ko rabin haka ƙanwata ta samu, jika 15 a wata, cikin wata uku ƙarin jika 40 ya fita. In kuwa ta tsaya jiran adashe, kafin kuɗi su cika damina ta sauka, mai sayen ƙanƙara ya ragu. Abin da kawai na ja mata kunne a kai shi ne kuran, dan lokacin zafin ne aka fi ɗauke ta, kuma wutar yankinmu mafi yawanta daga Nijeriya take zuwa, duk mun ga abin da ya faru da aka yanke ta a Agustan 2023. Ranar da ƙanƙara ba ta daskare ba mai shago bai san wannan ba, jika 30 ɗinsa yake jira. Ga faktir ɗin wuta da zai ƙaru, ga na'urar daidaita wuta da dole a saya in ba so ake injin ya ƙone ana tsakiyar biya ba. Na tambaye ta, in wata biyu ba ki sayar da komai ba, albashin maigida zai iya ɗaukar jika 30? Ta ce zai iya, da ƙyar.

Ni dai ra'ayina kenan, firigon ruwan sanyin gida a tara a saya kuɗi hannu, na sana'a kuma a ɗauka kafin zafi, amma da sharaɗi guda wanda ba na sassautawa: a yanke kuɗi ranar ciniki a rubuta, da sunan kamfanin firigon da lambarsa da garanti, a gaban shaidu biyu, kuma firigon ya kwana a gida ranar. Akwai wani salo da na gani a nan da can, ka riƙa kai kuɗi kana ajiyewa wurin mai shago kaya suna wurinsa, ranar da ka cika ya ce maka ai kaya sun tashi, cika jika 20. Wannan ka haɗa sharrin biyun a kanka. Ta ɓangaren addini ma abin da muka ji daga malamai, mafi yawansu sun halatta kuɗin bashi ya fi na lakadan in dai an tsaya kan farashi ɗaya kafin a rabu, amma a ce in ka makara wata guda za a ƙara maka wani abu, wannan riba ce, wato kuɗin ruwa.

Jiya ta koma shagon da takardar da na rubuta mata ta WhatsApp. Mutumin ya yarda da komai sai magana ɗaya, wai in ta tsallake wata biyu zai ɗauke firigon kuma abans ya tafi. Na ce kar ta sa hannu sai an goge wannan layin, in ya ƙi ni zan turo jika 50 ta haɗa da 60 ɗinta su sake zama a kan sabon ƙari, tunda bashin ya koma jika 90.