Bajon intanet: a tambayi wanda ya ba shi da yadda aka same shi

Kwanan baya wani ɗan ɗan'uwana ya turo mini takardar neman aikinsa in duba. A ƙasanta ya jera hotunan bajo goma sha ɗaya na gajerun kwasakwasan intanet, masu launi gwanin sha'awa. Na ce masa ya bar biyu, ya cire saura. Ransa bai so ba, amma har yanzu ina kan bakana.

Bajon nan ba hoto ba ne kawai. Tun 2011 da gidauniyar Mozilla ta fito da tsarin Open Badges, manufar ita ce kowane bajo ya ɗauki bayanansa: wa ya bayar, wa aka ba, yaushe, kuma me mutum ya yi kafin ya samu. Wannan na ƙarshen shi mai ɗaukar aiki yake nema.

Ɗauki Cisco, kamfanin kayan sadarwar kwamfuta, misali. Wanda ya kammala kwas ɗinsu na kyauta mai suna Introduction to Cybersecurity yana samun bajo ta shafin Credly. Wanda ya ci CCNA, jarrabawarsu ta ƙwarewa a sadarwar kwamfuta, shi ma ta Credly yake samun nasa. A ido kamarsu ɗaya, amma akwai nisa a tsakaninsu. Na farko a ɗakinka za ka yi shi, ba mai tsaye a kanka. Na biyu kuwa jarrabawa ce ta awa biyu, ana biyan kuɗi, ana duba katin shaidarka, akwai mai sa ido, kuma bayan shekara uku sai ka sabunta. Duk manajan da ya san harkar sadarwar kwamfuta ya san wannan bambancin. A ganina na farko shaida ce cewa kana da sha'awa, na biyu kuwa zai iya kai ka zauren ganawa. Idan ka cakuɗa su, sai mai nauyin ya ɓace a cikin tarin.

Sai batun nuna shi. Hoton da aka ɗauka daga fuskar waya ba ya tabbatar da komai, domin kowa zai iya kwafar na wani ya sa sunansa. A LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, shiga sashen Licenses & certifications, ka cika sunan shaidar da na wanda ya bayar da ranar da za ta ƙare, sannan ka liƙa adireshin bajonka a gurbin Credential URL. Ka tabbata ka buɗe bajon ga kowa a Credly, in ba haka ba wanda ya latsa ba zai ga komai ba. Sunan da ke jikinsa kuma ya dace da na takardunka. Wanda ya yi rajista da laƙabi ya gyara tun da wuri.

Ɗan nawa dai ya bar biyun, ya ƙara adireshin wani ƙaramin aiki da ya haɗa da hannunsa a ƙarƙashinsu.